Tsakiya Ita Ce Tushe: Yadda Ake Gina Daidaitacciyar Bishiyar Nema Daga Jeri Mai Tsari

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta 'yan Wurno, Rabah da Goronyo

  

Maganarmu ta yau a kan aiki guda ne wanda duk mai rubuta manhaja zai ci karo da shi, ko ba daɗe ko ba jima. An ba ka jerin sunaye ko lambobi waɗanda an riga an tsara su daga ƙarami zuwa babba, aka ce ka mai da su bishiyar nema wadda tsayinta ya daidaita. Amsar gajeriya ce: ɗauki na tsakiya ka sa shi tushe, ka maimaita haka a rabin hagu, ka maimaita a rabin dama. Layi bakwai sun isa rubuta wannan. Abin da zai ci mana lokaci shi ne dalilin da ya sa hakan ke aiki, da wuraren da yake lalacewa ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba.

Bari mu fara daidaita harshe. Bishiyar nema tarin gaɓoɓi ce. Kowace gaɓa tana riƙe da suna ɗaya, tana kuma da reshe biyu, na hagu da na dama. Doka ɗaya ce ke tafiyar da ita: duk sunan da ke reshen hagu ya riga sunan gaɓar a tsari, duk wanda ke reshen dama kuwa yana bayansa. Gaɓar farko ita ce tushe, kuma a al'adar wannan fanni sama ake zana ta, rassan su sauko ƙasa. Tsayin bishiya shi ne yawan hawan da ke tsakanin tushe da gaɓa mafi nisa. Idan ana neman suna, daga tushe ake farawa: a kwatanta, a bi hagu ko dama, a sake kwatantawa. Ke nan kowane hawa kwatanci ɗaya ne, kuma tsayin bishiyar shi ne mafi yawan kwatancin da nema zai iya ci. Ana ce wa bishiya daidaitacciya idan a kowace gaɓa, ba a tushe kaɗai ba, tsayin reshen hagu da na dama ba su bambanta da fiye da hawa ɗaya ba. Wannan ma'auni ya fito ne daga aikin wasu masana lissafi biyu na Tarayyar Sobiyet, Georgy Adelson-Velsky da Evgenii Landis, a shekarar 1962, shi ya sa ake kiran irin bishiyar da suka ƙirƙiro da suna AVL.

Jeri mai tsari da bishiyar da ta ƙi reshe

Misalin da za mu yi aiki da shi kowa a nan ya san shi: ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Ga su bisa tsarin baƙaƙe, da lambar gurbin kowacce, muna farawa daga sifili kamar yadda kwamfuta ke ƙirga: Binji 0, Bodinga 1, Dange Shuni 2, Gada 3, Goronyo 4, Gudu 5, Gwadabawa 6, Illela 7, Isa 8, Kebbe 9, Kware 10, Rabah 11, Sabon Birni 12, Sakkwato ta Arewa 13, Sakkwato ta Kudu 14, Shagari 15, Silame 16, Tambuwal 17, Tangaza 18, Tureta 19, Wamakko 20, Wurno 21, Yabo 22.

Abin da sabon ɗalibi yakan fara yi shi ne ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, yana cusawa a bishiya. Binji ta zama tushe. Bodinga tana bayan Binji, sai ta tafi dama. Dange Shuni tana bayan Binji, tana bayan Bodinga, ita ma dama. Haka za a yi ta tafiya har Yabo, domin kowane sabon suna yana bayan duk waɗanda suka riga shi. Babu gaɓa ɗaya da za ta samu reshen hagu. Abin da ya fito giginya ce: doguwa, sambal, ba reshe. Dokar bishiyar nema ba ta karye ba, duk sunan da ka nema za ka same shi, amma tsayinta hawa 23 ne. Neman Wurno zai ci kwatanci 22, neman Yabo 23, kuma idan aka haɗa duka aka raba, kowane nema zai ci 12.

Ku lura da abin mamakin da ke nan. Da a ce jerin a hargitse yake, da bishiyar ta fi haka kyau, domin wasu sunaye za su faɗa hagu, wasu dama. Tsarin da muka wahala muka yi shi ne ya zame mana matsala. Kuma a aiki na zahiri, yawancin bayanan da ke zuwa hannun mai manhaja a tsare suke zuwa: rajistar makaranta bisa lambar shiga, jerin manoman rani na madatsar ruwan Goronyo bisa lambar fili, takardun biya bisa kwanan wata. Wato mafi munin yanayi shi ne wanda aka fi saba gani.

Hasarar ma ba ta tsaya a nema ba, ginin kansa yana da tsada. Suna na biyu ya ci kwatanci ɗaya kafin ya samu wurin zama, na uku biyu, na huɗu uku, har na ƙarshe ya ci 22. Jimla 253. Wannan ba komai ba ne ga kwamfuta. Amma idan sunayen miliyan ɗaya ne, jimlar ta kusa biliyan 500, kuma a nan ne manhajar da ta yi aiki lafiya a ɗakin gwaji take tsayawa cik ranar da aka ɗora mata bayanan gaske.

Zaɓen na tsakiya, mataki mataki

To, mu ajiye cusawa ɗaya bayan ɗaya. Tunda jerin a tsare yake, mun riga mun san inda kowane suna ya kamata ya zauna ba tare da mun kwatanta shi da komai ba. Wane suna ne, idan ya zama tushe, zai raba sauran gida biyu daidai wa daida? Na tsakiya. Gurbin farko 0, na ƙarshe 22, a haɗa a raba biyu, 11. Wadda ke gurbi na 11 ita ce Rabah. 'Yan Rabah kada ku yi saurin murna, baƙin R ne ya ba ku wannan sarauta, ba komai ba. Sunaye 11 na gabanta, daga Binji zuwa Kware, su ne reshen hagu. Sunaye 11 na bayanta, daga Sabon Birni zuwa Yabo, su ne reshen dama.

Yanzu aikin da ya rage iri ɗaya ne da wanda muka fara da shi, sai dai ya ƙanƙance. A hagu muna da gurbi 0 zuwa 10, tsakiya 5, wato Gudu. A dama muna da 12 zuwa 22, tsakiya 17, wato Tambuwal. Waɗannan biyun su ne hawa na biyu.

Kowacce a cikinsu ta bar sunaye biyar a hagunta, biyar a damanta. Daga 0 zuwa 4 tsakiya 2, Dange Shuni. Daga 6 zuwa 10 tsakiya 8, Isa. Daga 12 zuwa 16 tsakiya 14, Sakkwato ta Kudu. Daga 18 zuwa 22 tsakiya 20, Wamakko. Hawa na uku ke nan, gaɓoɓi huɗu.

A nan sai mu iso wurin da ake ɗan tsayawa. Kowane yanki da ya rage sunaye biyu ne, kuma abu biyu ba su da na tsakiya. Ɗauki Gada da Goronyo, gurbi 3 da 4. A haɗa, 7, a raba biyu, uku da rabi. Kwamfuta tana yar da rabin, ta ɗauki 3. Gada ta zama gaɓa a hawa na huɗu, hagunta fanko, Goronyo ta rataya a damanta a hawa na biyar. Haka Binji ta ɗauki Bodinga, Gwadabawa ta ɗauki Illela, Kebbe ta ɗauki Kware, Sabon Birni ta ɗauki Sakkwato ta Arewa, Shagari ta ɗauki Silame, Tangaza ta ɗauki Tureta, Wurno ta ɗauki Yabo. Takwas a hawa na huɗu, takwas a hawa na biyar. Mu ƙirga: 1 da 2 da 4 da 8 da 8, 23 cif.

Bari mu nemi Wurno a cikin wannan bishiya. Rabah: W yana bayan R, dama. Tambuwal: dama. Wamakko: baƙin farko ɗaya ne, amma u yana bayan a, dama. Wurno: an samu. Kwatanci 4, inda ɗazu muka yi 22. Mu nemi Goronyo. Rabah, hagu. Gudu: o ya riga u, hagu. Dange Shuni, dama. Gada, dama. Goronyo. Kwatanci 5, kuma babu sunan da zai wuce haka. Idan aka nemi dukan sunayen 23 sau ɗai-ɗai, jimlar kwatancin 89 ce, wato ƙasa da huɗu ga kowane suna.

Ga yadda ake rubuta shi da Python:

```python
class Gaba:
    def __init__(self, suna, hagu, dama):
        self.suna, self.hagu, self.dama = suna, hagu, dama

def gina(jeri, farko, karshe):
    if farko > karshe:
        return None
    tsakiya = (farko + karshe) // 2
    hagu = gina(jeri, farko, tsakiya - 1)
    dama = gina(jeri, tsakiya + 1, karshe)
    return Gaba(jeri[tsakiya], hagu, dama)
```

Ana kiransa da `gina(jeri, 0, len(jeri) - 1)`. Aiki ne mai kiran kansa: yana ba kansa rabin hagu, yana ba kansa rabin dama, yana tsayawa idan yankin ya zama fanko, wato idan `farko` ya wuce `karshe`. Ku duba da kyau, babu inda aka kwatanta suna da suna. Lambobin gurbi kawai ake lissafawa. Wannan shi ne sirrin saurinsa, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, shi ne kafar da ɓarna ke shiga.

Me ya sa dole ta daidaita

Kada ku karɓi daidaiton don kawai ya fito a misalinmu. Ga hujjar. Idan aka cire na tsakiya daga yanki, abin da ya rage yana rabuwa gida biyu. In yawan yankin mara ne, kamar 23 ko 11 ko 5, gidajen biyu daidai suke. In cika ne, kamar ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, hagu zai samu 21, dama 22. Bambancin yawa ba ya taɓa wuce ɗaya.

Saura mu haɗa yawa da tsayi. Tsayin bishiyar da aka gina ta wannan hanya bai dogara da sunayen da ke ciki ba, yawansu kaɗai yake bi. Suna ɗaya, hawa ɗaya. Biyu ko uku, hawa biyu. Huɗu zuwa bakwai, hawa uku. Takwas zuwa 15, huɗu. Daga 16 zuwa 31, biyar, kuma nan 23 ɗinmu ta faɗa. Tsayi yana ƙaruwa da hawa ɗaya ne kawai duk lokacin da yawa ya ninka. A harshen lissafi:

```
tsayi = floor(log2(n)) + 1
```

To, idan reshe biyu sun bambanta da suna ɗaya tak, ko dai suna cikin rukuni ɗaya, tsayinsu ya zo ɗaya, ko kuwa sun faɗa a bakin iyaka, kamar bakwai da takwas, tsayinsu ya bambanta da hawa ɗaya. Babu hanyar da za su bambanta da biyu. Tunda a kowace gaɓa wannan rabon ake yi, sharaɗin ya cika ko'ina. Har ma abin ya wuce sharaɗin: babu wata bishiya mai reshe biyu da za ta ɗauki sunaye 23 a ƙasa da hawa biyar, domin hawa huɗu 15 kaɗai suke iya ɗauka. Wannan hanya tana ba da mafi gajartar tsayin da zai yiwu.

Ƙarfin abin yana bayyana idan jeri ya girma. Ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya hawa 10 ne. Rajistar masu zaɓe ta 2023, wadda hukumar INEC ta ce tana ɗauke da mutum 93,469,008, hawa 27 ce. Kwatanci 27 sun isa a zaƙulo mutum ɗaya daga cikin sama da miliyan 93.

Batun rabin da aka yar fa? Ba wajibi ba ne a ɗauki na ƙasa. Wanda ya rubuta `(farko + karshe + 1) // 2` zai riƙa ɗaukar na sama. A bishiyarsa Goronyo za ta hau hawa na huɗu, Gada ta rataya a hagunta, Wurno kuma ta sauka hawa na biyar a ƙarƙashin Yabo. Bishiyar daban ce, amma tsayinta biyar ne, kuma daidaitacciya ce. Saboda haka idan taku ta sha bamban da ta abokin karatunku, ba lallai ne wani ya yi kuskure ba. Kada a gwada bishiya da siffarta, a gwada ta da sharuɗɗanta.

Tsadar ginin kuwa kaɗan ce. Kowane suna sau ɗaya ake taɓa shi. A misalinmu an kira `gina` sau 47: sau 23 ta haifi gaɓa, sau 24 ta tarar da fanko ta koma. Idan jeri ya ninka, aikin ninkawa kawai yake yi. Kiraye-kirayen da ke jiran juna a lokaci guda kuma ba sa wuce tsayin bishiyar da ɗaya, don haka iyakar zurfin kira da Python ya sa, wadda a asali 1000 ce, ba za ta taɓa damun mu ba. Akwai wata gajeriyar hanyar rubutu da ɗalibai ke so, ta yanka jeri da `jeri[:tsakiya]` da `jeri[tsakiya + 1:]`. Tana ba da bishiya daidai, amma kowane yanka kwafi ne, ke nan a kowane hawa ana sake kwafe kusan dukan jerin. A jeri mai hawa 20, an kwafe shi kusan sau 20 ba gaira ba dalili. A miƙa lambobin gurbi, a bar jerin a inda yake.

Inda yake lalacewa, da yadda ake ganewa

Kurakuran wannan aiki iri biyu ne: masu ihu da masu shiru. Mai ihu ba abin tsoro ba ne. Idan ka manta `- 1`, ka rubuta `gina(jeri, farko, tsakiya)`, yankin zai yi ta raguwa har ya kai suna ɗaya, daga nan ya daina raguwa: farko 0, ƙarshe 0, tsakiya 0, a sake kiran farko 0, ƙarshe 0. Python zai tsaya ya rubuto `RecursionError`, ka je ka gyara.

Masu shirun su ne abin lura. Na farko alama ɗaya ce tak. A ce an rubuta `farko >= karshe` a maimakon `farko > karshe`. Yanzu duk yankin da ya rage suna ɗaya za a ɗauke shi fanko. Manhaja za ta gama lafiya, bishiya za ta fito kyakkyawa mai hawa huɗu, har ta fi ta gaskiya kyan gani. Amma gaɓoɓinta 15 ne. Hawa na biyar gaba ɗaya ya ɓace: Bodinga, Goronyo, Illela, Kware da sauran huɗun. Wanda ya gwada da Rabah da Wurno zai ce komai lafiya. Sai ranar da aka nemi Goronyo, kwamfuta ta ce babu ita a Jihar Sakkwato. Maganinsa ƙirga ce: yawan gaɓoɓi dole ya zo daidai da tsawon jeri.

Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma ya shafe mu masu rubuta Hausa kai tsaye. Mun ce `gina` ba ta kwatanta sunaye, yarda kawai take yi cewa jerin a tsare yake. Amma a tsare a idon wa? Kwamfuta ba ta san a, ba, ca ba. Lamba ta sani, kuma kowane baƙi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Manyan baƙaƙe, A zuwa Z, suna da 65 zuwa 90. Ƙanana, a zuwa z, suna da 97 zuwa 122. Ke nan a wurinta kowane babban baƙi ya riga kowane ƙarami.

A ce mai shigar da bayanai ya rubuta `rabah` da ƙaramin baƙi, ya bar ta a gurbinta na 11. Mutum ya duba jerin ba zai ga aibu ba. An gina bishiya, gaɓoɓi 23, hawa biyar, daidaito cikakke. Yanzu a nemi `Wurno`. Lambar W 87 ce, ta r kuwa 114. Kwamfuta ta yanke cewa Wurno ta riga tushe, ta bi hagu. Gudu, dama. Isa, dama. Kebbe, dama. Kware, dama. Fanko. Babu Wurno. Ba ita kaɗai ba: dukan sunaye 11 na reshen dama sun zama ba a iya kai gare su, alhali suna nan zaune a cikin bishiyar. Baƙi ɗaya a tushe ya rufe kusan rabin jiha. Da a hawa na biyar kuskuren ya faɗa, da suna ɗaya kawai zai shafa. Girman ɓarnar ya danganta da kusancin gaɓar da tushe.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ma haka suke. Lambobin Ɓ da Ɗ da Ƙ sun haura 380, nesa da Z. Idan magatakarda ya tsara rajista da hannu, zai sa Ɗanjuma kusa da Dauda, ya sa Ƙasimu kusa da Kabiru, kamar yadda kowane Bahaushe zai yi. Python kuwa, in ba a gaya masa wani abu ba, bayan Zubairu zai kai su. Kowanne tsari ne, kuma kowanne zai yi aiki. Abin da ba zai yi aiki ba shi ne a tsara jeri da ƙa'idar magatakarda, a yi nema da ƙa'idar kwamfuta. Ƙa'idar kwatanci ɗaya ce za ta tsara jeri, ita ce kuma za ta yi nema. Kafin a gina, a bi jerin sau ɗaya a tabbatar:

```python
assert all(jeri[i] < jeri[i + 1] for i in range(len(jeri) - 1))
```

Wannan layi zai kama `rabah` nan take, domin a ma'aunin kwamfuta ba ta riga `Sabon Birni` ba. Zai kuma kama wata matsalar, ta maimaituwar suna. A rajistar kowane ƙauye a wannan yanki za a samu Bello fiye da ɗaya. Idan Bello uku suka jeru, na tsakiya ya zama gaɓa, ɗaya zai faɗa hagu, ɗaya dama. Manhajar da aka rubuta bisa zaton cewa masu suna ɗaya dama kaɗai suke tafiya za ta rasa na hagun. Mafita ita ce a gina bishiya kan abin da ba ya maimaituwa, kamar lambar rajista, ko kuwa a tara masu suna ɗaya a gaɓa guda.

Akwai na ƙarshe, wanda ba ya faruwa a Python amma yana faruwa a Java da C. A can lambar `int` tana da rufi, 2,147,483,647 a Java. Idan jeri ya haura biliyan ɗaya, `farko + karshe` na iya wuce rufin, jimlar ta juye ta koma ƙasa da sifili. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wannan kuskure ya shafe shekaru kusan tara yana kwance a cikin aikin neman tsakiya na Java kanta, wanda shi ne ya rubuta, kafin a gano shi. Gyaran shi ne `farko + (karshe - farko) / 2`, wanda ke ba da amsa ɗaya ba tare da jimlar ta kumbura ba.

Iyakar wannan dabara

Wani cikinku zai tambaya: in jeri a tsare yake, ai ana iya neman tsakiya a cikinsa kai tsaye, me ya kawo bishiya? Tambayar tana kan hanya. Hanyar da muka bi muka samu Wurno, wato Rabah, Tambuwal, Wamakko, Wurno, ita ce ainihin hanyar da neman tsakiya zai bi a cikin jerin, gurbi 11, 17, 20, 21. Idan jerin ba zai canja ba, kamar waɗannan ƙananan hukumomi da ke rubuce a kundin tsarin mulkin 1999, bishiya ba ta ƙara komai sai cin wuri. A bar shi jeri. Amfanin bishiya yana zuwa ne idan za a riƙa ƙari da ragi. Cusa suna a tsakiyar jeri yana bukatar a matsar da duk na bayansa, a bishiya kuwa gaɓa ɗaya ake ratayawa.

Sai dai a nan ne iyakar take. Zaɓen tsakiya yana daidaita bishiya ranar da aka gina ta, ba ya tsare ta bayan nan. Ku ƙara suna ɗaya da ke bayan Yabo, a ce Zamfara. Zai bi dama har ƙasa ya rataya a ƙarƙashin Yabo, a hawa na shida. Yanzu ku dubi Wurno: hagunta fanko, damanta hawa biyu. Ƙari ɗaya ya karya sharaɗin. Idan kuma lambobin rajista ne masu hauhawa ake ƙarawa kullum, duk a wannan kusurwa za su yi ta taruwa.

Abin da Adelson-Velsky da Landis suka kawo shi ne gyaran wannan a lokacin da ya faru. Ana juya gaɓoɓin uku: Yabo ta hau wurin Wurno, Wurno ta koma hagunta, Zamfara ta zauna a damanta. Tsari bai canja ba, tsayi ya koma biyar. Da irin wannan juyi, tsayin bishiyar AVL ba ya wuce kusan kashi 44 cikin ɗari a kan mafi gajartar da zai yiwu. Dabarun biyu ba kishiyoyi ba ne. Ana gini da zaɓen tsakiya, ana kiyayewa da juyi. Haka `TreeMap` na Java yake yi: idan aka ba shi bayanan da aka riga aka tsara, yana da aikin cikin gida mai suna `buildFromSorted` da ke raba su daga tsakiya kamar yadda muka yi, daga nan ƙa'idojin bishiyar ja da baƙi su ci gaba da riƙe daidaito duk lokacin da aka yi ƙari ko ragi.

Iyaka ta biyu ita ce zaton cewa kowane suna daidai ake nemansa. Idan manhajar ta wani ofishi ce a Goronyo, inda yawancin nema na Goronyo ne, ajiye ta a hawa na biyar asara ce, gara ta matso kusa da tushe ko da bishiyar za ta ɗan karkace. Donald Knuth ya wallafa hanyar lissafa irin wannan bishiya a 1971, amma tana bukatar a san yawan neman kowane suna tun farko, kuma ta fi tsadar gini nesa ba kusa ba. In ba a san wannan ba, tsakiya ita ce zaɓin da ba ya ba da kunya.

Aikin da zan bar muku kafin zama na gaba shi ne ku ɗauki ƙananan hukumomi 44 na Kano, ku tsara su, ku gina bishiyar a takarda kafin ku taɓa kwamfuta. Ya kamata ta fito hawa shida, da 13 a hawan ƙarshe. Sannan ku rubuta gwaji uku ku ɗora a kanta. Na ɗaya, yawan gaɓoɓi ya zo 44. Na biyu, idan aka bi bishiyar hagu, gaɓa, dama, jerin asali ya dawo ba canji, kuma kowane suna ya riga na bayansa a ma'aunin da nema ke amfani da shi. Na uku, a kowace gaɓa, bambancin tsayin rassa bai wuce ɗaya ba. Bayan ukun sun wuce, ku ɓata manhajar da gangan, ku sa `>=`, ku ƙanƙantar da baƙin tushe, ku ga wane gwaji ne ya kama wane kuskure.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.